Ba kowace yagewa ke kiran wuƙa ba: martani kan karanta hoton MRI na gwiwa

Kwanan baya wani marubuci ya fitar da maƙala a kan ciwon gwiwa, ya gina ta a kan abu biyu. Na farko, wai duk wanda gwiwa ta dama ya daina ɓata lokaci wajen dubawar hannu da hoton ƙashi na yau da kullum, ya wuce kai tsaye a yi masa MRI, domin ita ce na'urar da ba ta ƙarya. Na biyu, idan takardar sakamako ta ambaci yagewa ko taruwar ruwa, to magana ta ƙare, sai a nemi likitan tiyata tun gwiwar ba ta lalace ba. Niyyarsa ba abar zargi ba ce. Kowa ya san yadda mutum kan shekara yana shafe-shafe da zaryar gidan mai ɗori a kan raunin da ya kamata a ce asibiti ta gani tun makon farko. Sai dai maganin da ya kawo zai tura dubban dattawa ɗakin tiyatar da ba za ta amfane su ba, kuma zai sa a yi sake da gwiwa ɗaya tilo da take buƙatar gaggawa ta haƙiƙa. Kuskurensa guda ne, shi ne ɗaukar abin da hoto ya nuna a matsayin abin da ke ciwo. MRI tana nuna siffar nama ne. Ko wannan siffar ce ke hana mutum barci, sai shekarunsa da yadda ciwon ya faro da hannun likita su tabbatar.

Kafin a yi gardama a kan takardar, ya kamata a san abin da mai karanta hoton yake kallo. Tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, su ne ake kira meniskus. Aikinsu aikin gammo ne: suna baza nauyin jiki a kan ƙashin ƙasa don kada ya taru a wuri guda. Na'urar tana yanka gwiwar hoto-hoto, kowane yanki kaurinsa kamar milimita 3 zuwa 4, kuma idan aka kalli gwiwar ta gefe, lafiyayyen meniskus yakan fito baƙi wuluk mai kusurwa uku, ɗaya gaba ɗaya baya. Ruwa kuwa fari fat yake fitowa a irin hotunan da ake wa alama da T2 da danginsu. Don haka duk aikin likitan hoto a nan shi ne neman fari a cikin baƙi. Idan farin ɗan ɗigo ne a tsakiyar guringuntsin, zai rubuta Grade 1. Idan layi ne da ya miƙe a ciki amma bai ɓullo saman guringuntsin ko ƙasansa ba, Grade 2 ke nan. Waɗannan biyu ba yagewa ba ne, laushi ne na cikin nama da shekaru ke kawowa, kuma likitan tiyata ko ya shiga da na'urar leƙe ba zai ga abin yankewa ba. Sai layin ya taɓo fuskar guringuntsin ake cewa Grade 3, wato yagewa ta gaskiya, kuma masana sun fi amincewa da ita idan ta bayyana a yanki biyu ko fiye, domin wadda aka gani a yanki ɗaya kaɗai sau da yawa ba a tarar da ita. Marubucin bai bambance waɗannan ba ko kaɗan, alhali takardu da yawa da ke tayar wa mutane hankali ba su wuce mataki na biyu ba.

To a ce ma yagewar ta tabbata. A 2008 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken Martin Englund da abokan aikinsa a garin Framingham na Amurka. Sun ɗauko mutum 991 daga cikin gari, 'yan shekara 50 zuwa 90, ba tare da la'akari da ko suna ciwon gwiwa ko ba sa yi ba, suka yi musu MRI. An samu yagewa ko lalacewar meniskus a kashi 19 cikin ɗari na mata 'yan 50 zuwa 59, adadin yana hawa har ya kai kashi 56 a maza 'yan 70 zuwa 90. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, kashi 61 na waɗanda aka ga yagewa a gwiwarsu ba su yi ciwo ko tsami ko ƙagewa ba a watan da ya gabata. A cikin waɗanda hoton ƙashi ya nuna suna da amosanin gaɓa kuwa, an ga yagewa a kashi 63 na masu ciwo, da kashi 60 na marasa ciwo. Tazarar kashi uku ba ta isa a ɗora wa yagewar laifin ciwon ba. Da za a bi shawarar marubucin a kan waɗannan mutane, da an yi wa fiye da rabin tsofaffin mazan garin tiyata, da yawansu a kan gwiwar da ba ta ce musu uffan ba a watan da ya gabata.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Magidanci ne ɗan shekara 58, mai ɗan jiki, wata biyar ke nan gwiwarsa ta dama tana ciwo ta gefen ciki. Bai faɗi ba, bai yi targaɗe ba, ciwon ne ya lallaɓo da kansa. Yana jin sa sosai idan zai tashi daga sujada, zaman tahiya ya zame masa aiki, da safe kuma gwiwar takan ɗan ƙage na 'yan mintoci kafin ta saki. Takardarsa ta ce akwai yagewa a kwance a ƙahon baya na meniskus na ciki, guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ya sirance ta wannan gefen, akwai ɗan ruwa, akwai kuma ƙaramar jakar ruwa a bayan gwiwa mai suna Baker's cyst, jijiyoyin ɗauri duka lafiya lau. Marubucin zai ƙirga matsaloli huɗu ya ce a yi hanzari. Wanda ya san aikin matsala ɗaya zai gani, wato amosanin gaɓa a farkonsa, sauran duk 'ya'yansa ne. Yagewar da take a kwance, wadda ta raba guringuntsin sama da ƙasa, irin ta gajiyar nama ce, kuma ƙahon baya na ciki shi ne wurin da ya fi shan matsi duk lokacin da aka naɗe gwiwa har ƙarshe, abin da mai tsuguno da mai zama a tabarma ke yi sau da yawa a yini. Ruwan ya taru ne don fatar cikin gaɓar ta fusata. Jakar bayan gwiwar kuma wannan ruwan ne ya samu hanya ya zurara tsakanin jijiyoyi biyu ta saman sharaɓa. Tambayoyin da suka rage ba sa cikin takardar: gwiwar tana miƙewa sosai, ko akwai abin da ke tokare ta? Ta taɓa sarƙewa har sai an girgiza ta kafin ta saki? Idan tana miƙewa kuma ba ta sarƙewa, maganinsa motsa jiki ne na ƙarfafa tsokar cinya a hannun likitan fisiyo na kamar wata uku, da rage nauyi, da maganin zafi a lokacin da ake buƙata, da yin sallah a kujera na ɗan lokaci idan naɗewar ta gagara, wanda sauƙi ne da addini ya riga ya bayar.

Marubucin zai ce wannan lallashi ne kawai, abin da ya yage ai sai an gyara. An gwada wannan zato ta hanya mafi tsauri da ilmin likitanci ya sani. A ƙasar Finland, Raine Sihvonen da abokansa sun tara mutum 146 'yan shekara 35 zuwa 65, masu ciwo da irin wannan yagewa ta meniskus na ciki, waɗanda amosanin gaɓa bai ma bayyana a hoton ƙashinsu ba, wato mutanen da aka fi sa ran tiyata za ta yi wa rana. Kowannensu an shigar da shi ɗakin tiyata, an huda gwiwar, an leƙa ciki. Daga nan sai ƙuri'a ta raba su. Kashi ɗaya an datse musu ɓangaren da ya yage. Ɗaya kashin kuwa likita ya kira kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya kunna injin aski da aka cire wa wuƙa ya danna shi a kan ƙoƙon gwiwa ta waje don majiyyaci ya ji ƙara da girgiza, aka ɓata daidai lokacin da aikin gaske ke ci, aka rufe ba a taɓa meniskus ba. Da aka buga sakamakon a 2013, bayan wata 12 duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, kuma babu wani bambancin kirki a tsakaninsu. A shekarar dai, wani bincike a Amurka ƙarƙashin Jeffrey Katz, mai mutum 351 masu yagewa haɗe da amosanin gaɓa, ya kwatanta tiyata da fisiyo, bai samu bambanci mai ma'ana ba bayan wata shida. Gaskiya ne kusan kashi 30 na waɗanda suka fara da fisiyo sun koma sun yi tiyata cikin wannan lokaci, kuma marubucin yana iya riƙe wannan. Amma ya juya lissafin ya gani: kusan bakwai cikin goma ba su buƙace ta ba, waɗanda suka jinkirta kuma ba su yi asarar komai ba a ƙarshe. A kan irin waɗannan hujjoji ne wani kwamitin masana ya fito a mujallar BMJ a 2017 da shawara mai ƙarfi cewa kada a riƙa yin tiyatar leƙe ga gwiwar da shekaru suka gajiyar.

Akwai kuma abin da kalmar gyara take ɓoyewa. Jini yana kaiwa ga bakin meniskus na waje ne kawai, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba, sauran yana rayuwa ne da ruwan gaɓa. Abin da jini ba ya kai wa ba ya haɗewa ko an ɗinke shi. Saboda haka tiyatar da ake yi wa dattijo irin na misalinmu ba ɗinki ba ce, yankewa ce a zubar. Tun 1948 likitan Ingila Thomas Fairbank ya bayyana yadda gaɓar da aka cire wa meniskus take tsukewa, kan ƙashin ya baje. Yau ba a cirewa duka, amma ƙa'idar tana nan, duk abin da aka rage sai guringuntsin kan ƙashi ya ɗauki nauyinsa. Tsoron da marubucin ya jefa wa masu karatu, cewa jinkiri zai lalata gwiwa, a wannan rukuni ya fi dacewa da gaggawar da yake kira a yi.

Inda yake da gaskiya ba zan tauye masa ba, domin akwai yagewar da ba a jira da ita. Matashi ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo, meniskus ya tsage a tsaye bisa tsawonsa, ɓallin ya kifa zuwa tsakiyar gaɓa yana maƙale ta kai biyu. Takarda za ta kira wannan bucket-handle tear, a hoton kuma ɓallin yakan kwanta a ƙarƙashin jijiyar gicciye ta baya har a ga kamar jijiyar biyu ce. Mai wannan ba ya iya miƙe ƙafa, kuma da yake tsagewar kan faɗa kusa da inda jini yake, ana iya mayar da ɓallin a ɗinke idan ba a bari ya daɗe ya tauye ba. Haka nan idan saiwar meniskus ta tsinke daga inda ta kafu a ƙashi, abin da kan faru ga mai matsakaicin shekaru ya ji wani ɓas a bayan gwiwa yana tsugunawa ko saukowa daga mota. Guringuntsin sai ya sulale waje, idan ya zarce bakin ƙashi da milimita 3 ko fiye likitan hoto zai rubuta, kuma daga nan kusan daidai yake da babu shi. Wannan ma likitan ƙashi ya kamata ya gani da wuri. Amma a lura, abin da ya ware waɗannan biyu daga yagewar dattijonmu shi ne siffar tsagewar da wurinta da labarin yadda ta faru. Marubucin ya zuba su duka a ƙwarya ɗaya.

Jijiyoyin ɗauri ma haka abin yake. Ɗan shekara 22 ya kafa ƙafa zai juya, ya ji ƙara, ya faɗi, cikin awa biyu gwiwa ta cika tim. Kumburi mai sauri haka jini ne, kuma a mafi yawan irin wannan rauni jijiyar gicciye ta gaba ce ta tsinke, wadda takarda ke kira ACL. A hoto, maimakon baƙin zare miƙaƙƙe sai a ga wuri ya yi fari ya dagule, a kuma ga tabon gwaruwa a cikin ƙashi wuri biyu, a dunƙulen ƙashin cinya na waje da bayan ƙashin ƙwauri ta waje, inda suka yi karo a daidai lokacin da gaɓar ta goce ta koma. A nan MRI tana da amfani ƙwarai, ko da yake ƙwararren likita kan gane tsinkewar da hannu, ta hanyar ɗan lanƙwasa gwiwar ya jawo ƙwaurin gaba ya ji ko akwai abin da zai tsayar da shi. Amfaninta shi ne ta nuna abin da ya raka tsinkewar. Amma ko wannan ba umarnin tiyata ba ne kai tsaye. A 2010 Richard Frobell da abokansa a Sweden sun raba matasa 121 masu sabuwar tsinkewa gida biyu, wasu aka dasa musu jijiya da wuri, wasu aka fara da fisiyo da sharaɗin a yi tiyata in gwiwar ta ƙi tsayawa. Bayan shekara biyu sakamakonsu ya yi daidai, bayan shekara biyar kuma kusan rabin gida na biyu suna harkokinsu ba tare da an dasa musu jijiya ba. Wanda zai koma ƙwallo, ko wanda gwiwarsa ke ci gaba da zamewa, ko wanda meniskus ɗinsa ke buƙatar ɗinki, tiyata ta dace da shi. Tela ko malamin makaranta yana da zaɓi. Jijiyar gefen ciki kuwa, MCL, tana wajen gaɓa inda jini ya wadata, kuma ko ta tsinke gaba ɗaya yawanci takan haɗe da takalmin gwiwa cikin makonni, muddin ita kaɗai ce ta ji rauni.

Batun ruwa shi ne inda shawarar marubucin ta fi haɗari, kuma ba ta fuskar da ya zata ba. Kowace lafiyayyar gwiwa tana da ruwa 'yan mililita kaɗan masu santsi, don haka ganin small effusion a takarda ba ciwo ba ne da kansa, alama ce kawai cewa wani abu yana tsokanar gaɓar. Zuƙe shi ba tare da magance sanadin ba, dawowa yake yi. Wani lokaci hoton kan faɗi wani abu game da shi: idan aka ga ruwan ya rabu hawa-hawa da kitse yana yawo a sama, ɓargo ne ya zubo, ke nan akwai karaya da ta shiga cikin gaɓa ko da hoton ƙashi bai nuna ta ba. Amma abin da aka fi tsoro, MRI ba ta iya rantsuwa a kansa. Mugunya da ruwan amosani duka fari suke fitowa. Mutumin da gwiwarsa ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan, allura yake buƙata a ranar, a zuƙo ruwan a kai ɗakin gwaji. Idan ya fito gurɓatacce, fararen ƙwayoyin jini sun haura 50,000 a kowace maikirolita, ana ɗaukar gaɓar ta kamu da ƙwayar cuta har sai an tabbatar da akasin haka, sai a wanke ta a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, domin mugunya tana cinye guringuntsi cikin kwanaki. Ruwan ne kuma zai nuna ko gishirin gawut ne ya taru. A ƙasarmu, inda masu sikila suke da yawa kuma tarin fuka kan sauka a gaɓa ya yi wata da watanni yana kumbura ta a hankali, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Wanda aka koya wa cewa MRI ce matakin farko zai kwashe mako yana haɗa kuɗi da neman layi a babban birni, alhali sirinji da ɗakin gwajin babban asibitin garinsu sun isa su ceci gwiwar.

Saura hujjarsa ta ƙarshe, cewa ko ba komai yin hoton ba ya cutarwa, tunda babu tururin da ke cikin hoton ƙashi. Ta wannan fuska haka ne. Amma akasarin mutanenmu daga aljihunsu suke biya, na'urorin kuma ƙalilan ne, wasunsu masu ƙaramin ƙarfi da hotonsu bai kai na mai Tesla 1.5 fitowa tar ba, ga shi takardar takan zo wa mutumin da babu wanda ya zaunar ya yi wa bayani. Ga dattijon misalinmu, hoton ƙashi da aka ɗauka yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafafunsa, shi ne zai nuna ko tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta tsuke ta ciki, abin da MRI da ake yi a kwance ba ta nunawa haka, kuma a kan ɗan kaɗan daga kuɗinta. Idan ya yi wata uku yana fisiyo da gaske ciwon bai motsa ba, ko gwiwar ta fara sarƙewa, ko ya wayi gari ba ta miƙewa, a lokacin ne likitan ƙashi zai tura shi MRI da tambaya takamaimai a rubuce a takardar neman hoton: shin akwai ɓallin da ya kauce daga wurinsa, shin saiwar tana nan a kafe. Kuɗin da marubucin yake so a kashe a makon farko sun fi amfani a hannun mutumin har zuwa wannan rana, domin su ne zai biya fisiyon da su.